Nawa ya kamata in biya dillali kan kowane sabon mai shayi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan burodi a wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Wani yaro mai babur ya ce zai riƙa samo mini sababbin masu shayi, in ba shi naira 25,000 kan kowane mutum ɗaya, ni kuma in ba mai shayin burodin ranar farko kyauta. Mai shayi ɗaya yakan ɗauki burodi 20 a rana, kowanne a kan naira 600. Ni ina ganin mutumin da zai yi mini cinikin dubu ɗari uku a wata, 25,000 ba komai ba ce. Ƙanena ya ce asara ce. Wa ke da gaskiya, kuma ta yaya zan san iyakar abin da zan iya biya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kai da ƙanenka kowa ya kama gefe ɗaya. Kai ka kalli ciniki, shi ya kalli kuɗin da zai fita yau, kuma babu ɗaya daga cikin biyun da zai raba muku gardama. Abin da zai raba ta shi ne jimillar ribar da mai shayi ɗaya zai bar maka tun daga ranar da ya fara ɗaukar burodinka har ranar da ya daina. Wannan shi ne darajar abokin ciniki, idan ka bincika a waya za ka gan shi da haruffan CLV. Duk abin da ka biya sama da wannan jimillar, daga aljihunka ka biya. Amma akwai wani tarko a cikin lissafin, ni kaina na taɓa faɗawa cikinsa, kuma shi ne ya fi shafar maganarka da yaron nan. Za mu zo kansa.

Mu fara da dubu ɗari ukun nan, don kallon kitse kake yi wa rogo. Ban ga littafinka ba, saboda haka alƙaluman kashewa da zan sa misali ne, na daidaita su don lissafi ya yi sauƙi. Ka cire nawa ka sa naka.

Na lura ka ɗauki kwana 25 a wata, ba 30 ba, kuma daidai ka yi, domin mai shayi yana da ranar biki, ranar rashin lafiya, da ranar da ruwan sama ya hana shi fitowa. Burodi 20 sau 25 ya ba da 500 a wata. To amma ba duka 500 ake biyanka ba. A ce cikin kowane ashirin ɗaya yana dawowa kwantai, ka ga 25 sun dawo, 475 aka biya, wato naira 285,000. Shi kuwa tanda bai san kwantai ba, 500 cur ya gasa. Idan kowane burodi ya ci maka naira 520 tsakanin fulawa, sukari, yis, bota, leda, itace ko gas, da ladan masu kwaɓi in a kan buhu kake biyansu, to ka kashe 260,000. Saura 25,000. Kwantan nan ka sayar wa masu kiwo a naira ɗari-ɗari, ka samu 2,500, ya zama 27,500. Sai kai kaya: man babur da ladan yaro, a ce rabon wannan teburin naira 300 ne a rana, 7,500 ke nan a wata. Abin da ya rage a hannunka naira 20,000.

Daga dubu ɗari uku mun sauko dubu ashirin. Wannan ita ce ribar da mutumin yake kawowa a wata, kuma da ita kaɗai za mu yi aiki daga nan.

Za ka ga ban cire kuɗin hayar gida ba, ban cire albashin maigadi ko manaja ba, ban cire gyaran janareto ba. Da gangan ne. Waɗannan ko mai shayin ya zo ko bai zo ba sai ka biya su, don haka ba shi ya jawo su ba. Abin da ake cirewa shi ne kuɗin da ba za ka kashe ba da a ce mutumin bai zo ba. Amma kada ka manta da su, suna nan suna jiran rabonsu daga cikin dubu ashirin ɗin, kuma su ne dalilin da ya sa ba za ka miƙa wa dillali duk darajar mutum ba.

Abu na biyu, wata nawa mai shayi yake yi tare da kai? Yawancin masu gidan burodi idan na tambaye su sai su ce, ai wane tun ina yaro yake ɗaukar namu. Gaskiya ne, amma wanen shi ne wanda ya zauna, shi ya sa kake tuna shi. Waɗanda suka yi wata uku suka ɓace babu mai tuna sunansu sai littafin bashi. To littafin za ka ɗauko. Ka duba shekara guda cif, ka ƙirga masu shayi nawa kake kai wa a farkon kowane wata, nawa ne cikinsu ba sa nan a ƙarshensa. Shekara guda nake so, ba wata biyu ba, saboda sana'ar shayi tana da lokuta. Da hunturu kasuwa tana ci. Da azumi teburin safe ya mutu, na dare ne ke aiki. Da damina wasu sukan naɗe tebur su koma ƙauye noma, su dawo bayan girbi. Na kusa da makarantu, irin na wajen Kwalejin Hassan Usman, cinikinsu yana tafiya hutu tare da ɗalibai. Wanda ya tafi gona ya dawo bai bar ka ba, sai dai ka rage watannin da ba ya nan daga ribarsa. Wanda ya bar ka shi ne wanda teburinsa yake buɗe, burodin wani ne a kai.

A ce ka samu kana da mutum 40, kuma a tsaka-tsaki huɗu suke fita kowane wata, wasu su shigo su maye gurbinsu. Huɗu cikin arba'in kashi 10 cikin ɗari ne. Hanya mafi sauƙi ta ganin ma'anar wannan: idan huɗu suna fita kowane wata, cikin wata goma mutum arba'in sun fita, wato kamar an sauya duka layin sau ɗaya. Ashe tsawon zaman mutum ɗaya a tsaka-tsaki wata goma ne. Wani zai yi shekara biyar, wani wata biyu, amma idan aka haɗa aka raba, goma ne. Naira 20,000 sau 10 ya ba da 200,000.

Wannan 200,000 ɗin ba a hannunka take ba, a warwatse take cikin watanni masu zuwa, kuma kuɗin gobe bai kai na yau ba. Ba maganar kuɗin ruwa nake yi ba. Dubu ashirin ta yau za ka sa ta a fulawa ka juya ta sau da yawa kafin ta watan goma ta iso. Ga kuma tsadar kaya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar, kai ka fi ni sanin abin da buhun fulawa ya yi, tunda yawancin alkamar da ake niƙawa a ƙasar nan daga waje ake shigo da ita, farashinta dala yake bi. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. Wani zai ce ai idan kaya suka tashi burodi ma tashi yake yi. Haka ne, sai dai fulawa takan tashi da safe, burodi kuwa sai an yi makonni ana ja-in-ja da masu shayi kafin ya bi ta. Saboda wannan da kuma abin da ba a sani ba, ni nakan rage wa kuɗin gaba kashi 3 cikin ɗari a kowane wata. Ba doka ba ce, ra'ayina ne, wani akantan zai sa biyu, wani huɗu. Yadda ake shigar da shi kuwa ba wuya, ƙara shi kake yi a kan kason masu tafiya, ka raba ribar wata da jimillar. A Excel haka za ka buga, a na'urar lissafi ta waya kuwa alamar = a ƙarshe za ka danna ta:

```
=20000/(0.10+0.03)
```

Zai ba ka 153,846, mu ce 154,000.

Saura abu ɗaya da littattafan kasuwanci ba su cika kawowa ba, amma kowane mai gidan burodi a Katsina ya san shi. Mai shayi ba ya yin sallama ranar da zai bar ka. Tsarin ai a kawo na yau a karɓi kuɗin jiya ne, wani lokaci ma na shekaranjiya. Ranar da ya koma wa wani gidan, balas ɗin kwana biyu yakan tafi da shi, ka yi ta aike har ka gaji. Wani zai biya, wani ba zai biya ba. Mu ce a tsaka-tsaki naira 20,000 kake rasawa kan duk wanda ya tafi. Cire ta, darajar mai shayi ɗaya ta tsaya a kusan naira 134,000.

A nan ne mutum zai ce alhamdulillahi, 25,000 a kan 134,000, a kira yaron nan tun kafin ya canja shawara. Kuma nan ne tarkon da na faɗa maka.

Shekarun baya na yi wa wani gidan burodi irin wannan lissafin, ba zan kama suna ba. Na ɗauki tsawon zaman tsofaffin abokan cinikinsu na ɗora wa sababbi, na ce wa mai gidan ya biya la'ada hankalinsa kwance. Bayan wata uku ya kira ni, ya buɗe mini littafi a kan buhunan fulawa, ya riƙa bin sunaye da ɗan yatsa yana cewa wannan babu, wannan ma babu. Na bi yaron kai kaya washegari da asuba don in gani da idona. Wani teburin muka tarar burodin gidaje uku ne jere a cikin akwatin gilashi, namu guda biyar kawai ya karɓa, ya ce a bar sauran. Wani kuwa da muka isa ko tukunya babu, almajirai ne zaune a kan bencin, suka ce ai mai shayin wan dillalin ne, kwana huɗu ya yi ya tashi. Laifina ne, ba na mai gidan ba. Mutanen da ke cikin littafinka yau tatattu ne, sun riga sun wuce lokacin gwaji, sun saba da burodinka, masu shan shayinsu ma sun saba. Wanda dillali zai kawo ba a tace shi ba. Kuma ka tambayi kanka, wane irin mai shayi ne ya fi sauƙin shawowa cikin yini ɗaya? Wanda ba ya zama wuri ɗaya, ko wanda wani gidan ya daina ba shi kaya saboda bashi. Mai shayin kirki da ya shekara takwas da gida ɗaya ba ya tashi don an ba shi burodin kwana ɗaya kyauta.

Saboda haka sababbi lissafinsu daban ake yi, a rukuni. Ka ɗauki mutum goma da suka shigo ta hanya ɗaya a lokaci ɗaya, ka bi su wata-wata. Mu ƙaddara abin da na saba gani. A watan farko goman duk suna nan, amma gwaji suke yi, rabin kaya suke ɗauka, ribar kowanne 10,000, jimilla 100,000. Ƙarshen wata huɗu sun zame. A wata na biyu shida suna ɗaukar cikakken kaya, 120,000, sai ɗaya ya ƙara zamewa. Biyar ɗin da suka shiga wata na uku su ne suka zama naka, su ne za ka iya yi wa lissafin tsofaffi, 154,000 kowanne, jimilla 770,000. Haɗa ukun, 990,000. Bashin tafiya kuma na mutum goma ne ba biyar ba, don kowa da ranar tafiyarsa, sai ka cire 200,000. Saura 790,000. Raba wa mutum goman da ka biya wa la'ada, kowane kai ya tashi a naira 79,000.

To ga iyakarka, Alhaji. Ba 300,000 ba, ba 134,000 ba, 79,000. Idan abin da ka kashe wajen samo mutum ɗaya ya kai haka, ka yi wa dillali da kamfanin fulawa aiki ne kyauta, tandanka ya tsufa a banza. Sama da haka kuwa kana sayen asara da kuɗinka.

Iyaka kuma ba farashi ba ce. Haya da albashi da muka ajiye ɗazu suna jira, kai ma kana da iyali, sannan lissafin nan kansa hasashe ne, yana iya kucewa. Shi ya sa aka saba cewa kada kuɗin samo mutum ya wuce kashi ɗaya bisa uku na darajarsa. Wannan ƙa'idar ta fito ne daga kamfanonin manhaja na Amurka masu karɓar kuɗin wata-wata, ba daga gidan burodi ba, don haka ban ɗauke ta a matsayin wahayi ba. Amma tana da hankali: kashi ɗaya na samowa, ɗaya na tafiyar da gida, ɗaya naka. A naka lissafin ɗaya bisa uku na 79,000 ya kama wajen naira 26,000.

Kada ka yi saurin cewa to ai 25,000 ta shiga. Ba la'ada kaɗai kake biya ba. Burodin kyautar nan guda 20, a kan abin da ya ci maka, naira 10,400 ne. Haɗa da la'ada, 35,400. In har kana ba sabon mai shayi akwatin gilashi, ko rumfa mai sunan gidanka, ko kana zuba wa yaron mai yana yawon nema, duk a nan suke shiga. Mutane da yawa suna rubuta la'ada a matsayin kuɗin samo kwastoma, kyauta kuwa su bar ta ta narke cikin kuɗin fulawa, sai su yi ta mamakin inda riba take zuwa. A 35,400 ba ka faɗi ba, kana ƙarƙashin iyaka sosai, shi ya sa na ce ƙanenka bai cika gaskiya ba. Amma ka ba da kusan rabin darajar mutumin tun kafin ya biya ka ko sisi, shi ya sa kai ma ba ka cika ta ba.

Akwai tambaya ta biyu da daraja ba ta amsawa: yaushe kuɗin zai dawo? Ga mai ƙaramin jari wannan ta fi ta farko zafi. Mutum goma a kan 35,400, naira 354,000 ta fita a makon farko. Watan farko ka samu 100,000, amma huɗun da suka zame sun tafi da 80,000, saura 20,000. Wata na biyu 120,000, cire bashin mutum ɗaya, jimilla ta kai 120,000. Na uku ya kai ka 220,000, na huɗu wajen 300,000, sai a wata na biyar za ka haye 354,000. Wata biyar kuɗinka yana waje. Kamfanonin can da na ambata sukan yarda da shekara guda, don suna da masu zuba musu jari. Kai dilan fulawa ba zai jira ka shekara ba. Idan yaron ya yi ƙwazo ya kawo mutum talatin a wata ɗaya, sama da naira miliyan ɗaya ce za ta fita daga kuɗin sayen kaya, ga ƙarin fulawar da za ka gasa musu kana karɓar kuɗinta a baya. Na ga gidan da ya tsaya cak a haka, ciniki yana ƙaruwa, kuɗin buhu babu. Ni a sana'a irin taka ba na son ya wuce wata uku zuwa huɗu.

Abin da zan ba ka shawara shi ne kada ka yi ciniki kan yawan kuɗin, ka yi kan lokacin biyansa. Ka ce wa yaron za ka ba shi 30,000, fiye da abin da ya nema, amma kashi biyu: 5,000 ranar da mai shayi ya fara ɗauka, 25,000 ranar da ya cika wata uku yana ɗauka kuma babu tsohon bashi a kansa. Duba abin da wannan ya yi. Idan biyar cikin goma suka zauna, ka biya 50,000 da 125,000, jimilla 175,000 maimakon 250,000. Da burodin kyauta ya zama 279,000, wato 27,900 kan kowane kai, dab da inda muke so. Kuma mafi yawan la'adar sai a ƙarshen wata na uku za ta fita, lokacin da masu shayin sun riga sun tara maka ita. Shi ma yaron ba a cuce shi ba: idan takwas cikin goma suka zauna, 250,000 ɗin da ya nema cif zai karɓa, kai kuma ka samu takwas maimakon biyar. Yanzu bukatarsa ta zama irin taka. Zai daina kawo maka wanda ya san ba zai kwana biyu ba, zai ma riƙa leƙa su yana jin ko akwai ƙorafi. Yadda ya karɓi tayin ma labari ne. In ya ce sam sai dai a biya shi duka ranar farko, ya gaya maka irin mutanen da yake shirin kawowa.

Burodin kyautar ma da ni ne sai in matsar da shi. Maimakon ranar farko, a ce wanda ya cika kwana talatin yana biya kan kari, kayan rana ta talatin da ɗaya kyauta ne. Mai son ci ya gudu ba zai jira wata guda ba, ka ga ka tsira da na mutum huɗun nan.

Yanzu abubuwan da za su iya rushe lissafin, ko da ka yi shi daidai. Mafi girma siririyar ribar nan ce. Idan fulawa ta tashi har kowane burodi ya ƙara cin naira 20 kacal, kai kuma ba ka ƙara farashi ba, naira 20 sau 500 dubu goma ce, rabin ribar wata ta tafi. Darajar sabon mai shayi ba rabi za ta koma ba, ƙasa da rabi za ta faɗo, domin bashin tafiya bai ragu ba: 990,000 ta koma kamar 495,000, cire 200,000, saura 295,000, kowane kai 29,500. La'ada da kyautar da yaron ya nema tun farko sun riga sun haura wannan. Don haka kada ka ƙulla yarjejeniyar shekara da shi. Ku yi ta wata uku-uku, kuma duk ranar da farashin buhu ya motsa ka sake buga lissafin, minti biyar ne.

Sai tanda. Duk abin da na faɗa ya ginu ne kan cewa kana da sararin gasa ƙarin burodi da ma'aikatan da kake da su. Idan tandanka ya riga ya cika, sabon mai shayi ko dai ya ci rabon wani tsohon, ko ya sa ka ƙara zubin dare da sabon mai kwaɓi, sai kuɗin da muka ce ba ya motsi ya motsa. Haka nisa. Naira 300 ta kai kaya ta teburin da ke kan hanyar yaronka mai kai burodi ce, tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya misali. In dillali ya samo maka mutum ɗaya tilo a Batagarawa, man zuwa da dawowa kaɗai zai iya cinye dubu ashirin ɗin. Mutum shida a layi ɗaya a can wata magana ce daban. Ka shata masa unguwannin da za ka biya la'ada a kansu.

Sannan ka lura da wanda ba sabo ba ne. Mai shayin da da ma yana aiko yaro ya sayi burodinka a shagon da ke kusa, idan dillali ya rubuta shi, ba ka samu ƙarin ciniki ba, ka biya la'ada ne kan abin da kake da shi, shagon kuma zai rage ɗauka. Alamar ita ce sunaye suna ƙaruwa a littafi amma yawan buhunan da kake kwaɓawa a rana bai ƙaru daidai da su ba. Buhu ba ya ƙarya, shi za ka riƙa dubawa. Akwai kuma abin da ba ya hannun kowa. Lokacin da aka rufe iyaka da Nijar a Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024, duk mai cinikin da ya dogara da direbobi da fasinjojin Jibiya ko Kongolam ya ji a jikinsa. Idan rukunin da aka kawo maka duk a tasha ɗaya suke, rana ɗaya za su iya raguwa tare, kuma kason tafiya na kashi 10 bai san da wannan ba.

Wani abu da lissafin yake nunawa wanda ban so ka wuce shi: a ce ka rage masu barinka daga huɗu zuwa uku a wata, cikin arba'in ɗin nan. Kason ya koma 0.075, sai 20,000 a raba da 0.105, ya ba da kusan 190,000 maimakon 154,000. Ƙarin 36,000 kan kowane mutum, ba tare da ka biya dillali ko kwabo ba. Kuma yawanci abin da ke korar mai shayi sananne ne: burodi ya iso bayan masu sallar asuba sun watse, ko an rage masa nauyi ba a faɗa ba, ko an yi masa gardamar karɓar kwantai. Kafin ka ware dubu ɗari uku na nemo sababbi, ka zagaya wajen mutum biyar na ƙarshe da suka bar ka, ka sha shayi, ka tambaye su dalili.

Game da yaron kuwa, ka fara da mutum goma kawai, kada ka ƙara ko ɗaya sai sun cika wata uku. Ka ware musu shafi nasu a littafi, kowane suna da ranar da ya fara, unguwarsa, burodin da ya ɗauka kowane mako, kwantan da ya dawo da shi, da balas ɗin da ke kansa ranar Juma'a. Kada ka fara gwajin ana saura mako biyu azumi ko a farkon damina, don ba za ka iya bambance wanda ya gudu da wanda ya tafi gona ba. Ranar da wata ukun suka cika, ka cire shida da biyar ɗin da na ƙaddara ka sa abin da ka gani, ka sake haɗawa ka raba goma. In ya fito sama da 79,000 kana da damar ƙara wa yaron la'ada ka ce ya ƙaro wasu goma. In mutum uku kacal suka zauna, darajar kai ɗaya za ta sauko wajen 45,000, ɗaya bisa ukunta 15,000, sai ku sake zama da shi a kan wannan adadin, ƙanenka ma ya zauna a wurin.